Daga Garau-garau Zuwa Jini: Yadda Ake Tsara Taswirar Bitar Narkewar Abinci

A tambayi ɗalibin babbar sakandare hanyar da abinci ke bi a jikin mutum, zai zubo ta tiryan-tiryan: baki, maƙoshi, tumbi, ƙaramin hanji, babban hanji, dubura. A sake tambayarsa me ya sa narkewar sitaci da ta fara a baki take tsayawa jim kaɗan bayan abinci ya isa tumbi, ko me hanta ke yi a labarin tunda ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta ratsawa ta cikinta, sai a ga ya fara sosa ƙeya. Sunayen gaɓoɓin suna nan daram a kansa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne alaƙar da ke tsakaninsu, kuma ita ake nema duk lokacin da tambayar bayoloji ta ce a yi bayani, a WAEC ne ko a NECO.

Akwai wata dabarar bita da aka ƙirƙira musamman don a fito da irin wannan giɓi fili. Ana kiranta taswirar ma'ana. Siffarta ba wuya: a rubuta kalma a cikin akwati, a rubuta wata a wani akwatin, a ja layi mai kan kibiya tsakaninsu, sannan a rubuta a kan layin abin da ya haɗa su. Akwati biyu da rubutun kan layi, in aka karanta su a jere, dole su ba da cikakkiyar jimla. "Hanta" a nan, "ruwan ɗaci" a can, a kan layi "tana samar da". Shi ke nan an sami jimla guda da malami zai iya cewa daidai ce ko kuskure.

Joseph Novak da abokan aikinsa ne suka fito da ita a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972. A lokacin suna cikin wani bincike na shekara 12 kan yadda fahimtar yara game da kimiyya ke sauyawa yayin da suke girma, hirarrakin da suka yi da yaran suka taru suka yi musu yawa, suka nemi hanyar da za su ga tunanin kowane yaro a shafi ɗaya. Sun dogara ne da ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam David Ausubel, wanda ya tafi a kan cewa sabon ilimi yana zama ne idan ya sami abin da zai maƙale wa a cikin abin da mai koyo ya riga ya sani. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Tun ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 Peter Okebukola da Olugbemiro Jegede suka gwada ta a kan ɗaliban bayoloji na ƙasar nan, suka kuma wallafa cewa ta inganta sakamakon ɗalibai, ta rage musu fargabar darasin.

Sai dai amfaninta ya rataya ne ga yadda aka tsara aikin tun kafin a shiga aji. Darasin narkewar abinci kuwa yana da wani tarko nasa na musamman.

Tarkon sarƙa

A shekarar 2000 Ian Kinchin da abokan bincikensa a Birtaniya suka lura cewa taswirorin da ɗalibai ke zanawa sukan faɗa cikin siffa uku. Wata kalma ɗaya ce a tsakiya, sauran duk sun kewaye ta, babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Wata sarƙa ce, wannan na bin wannan har ƙasa. Ta uku raga ce, layuka na ƙetarawa daga wannan sashe zuwa wancan, kuma ita ce ke nuna mai zanen ya fahimci abin.

Hanyar abinci bututu ne guda daga baki zuwa dubura, saboda haka duk ajin da aka ce wa "ku zana taswirar narkewar abinci" sarƙa zai kawo. Akwati shida a jere, a kan kowane layi an rubuta "yana zuwa". Babu kuskure ko ɗaya a ciki, amma babu abin da malami ya ƙaru da shi, domin haddar nan ce dai aka sa mata akwatuna. Mafi muni, ɗalibin da ya tuna da hanta da fankiriyas zai rasa inda zai sa su, sai ya cusa su cikin jerin, a wayi gari taswira na cewa abinci ya bar tumbi ya shiga hanta. Duk tsarin da za a yi, manufarsa ta farko ita ce a hana sarƙar nan samuwa.

Maganin yana farawa daga tambayar da za a rubuta a saman allo. Novak ya nace cewa kowace taswira ta kasance amsa ce ga tambaya guda takamaimai. "Mene ne sassan hanyar abinci?" tambaya ce mai haifar da jeri. Wadda ta fi ta ita ce mai tilasta wa ɗalibi bin abu fiye da ɗaya a lokaci guda, misali: "Ta yaya kwanon garau-garau ke zama abin da jini zai iya ɗauka?"

An zaɓi garau-garau da gangan. Shinkafa ce da wake da mai, wato sitaci da furotin da maiƙo, manyan rukunai uku da darasin ke magana a kansu, a kwano ɗaya da kowane ɗalibi a Kano ko Katsina ya sani. Gaskiya ne wake ma na da sitaci mai yawa, shinkafa na da ɗan furotin, kuma ɗalibin da ya ɗago wannan ya cancanci yabo. Amma don aikin bita ya isa a ce kowane ɗaya ya wakilci rukuni guda. Abin da tambayar ke yi shi ne raba tafiyar gida uku. Sitaci yana fara narkewa a baki, ya dakata a tumbi, ya ci gaba a ƙaramin hanji. Furotin yana wuce baki ba abin da ya same shi sai tauna, a tumbi ake fara sassaƙa shi. Maiƙo kuwa kusan duk aikinsa sai an kai ƙaramin hanji. Hanya uku da ke rabuwa su sake haɗuwa ba sa zanuwa a layi ɗaya.

Katuna 24 daga takarda 3

A ɗauka aji ne mai ɗalibai 60, an sami darasi biyu a haɗe, minti 80. A raba su rukuni 15, mutum huɗu-huɗu. In rukuni ya wuce biyar, biyu ne za su yi aikin, sauran su zama 'yan kallo.

Novak da abokin aikinsa Alberto Cañas sun ba da shawarar kalmomi 15 zuwa 25 ga taswira ɗaya. Ƙasa da haka ba abin haɗawa, sama da haka takarda ta cushe. Ga tambayar garau-garau, 22 sun wadatar. Gaɓoɓi bakwai: baki, tumbi, hanta, maɗaciya, fankiriyas, ƙaramin hanji da babban hanji. Abinci uku: sitaci, furotin, maiƙo. Ruwaye uku da jiki ke zubowa a kan abinci: miyau, asid da ruwan ɗaci. Inzayim uku, wato sinadaran da ke tsinka abinci zuwa ƙanana: amiles, fefsin da laifes. Abin da ake samu bayan narkewa, su ma uku: maltos, gulukos da amino asid. Sai bilai, 'yan tsirarrun yatsun nan da suka lulluɓe cikin ƙaramin hanji, da jini, da bayan gida.

Ba sai an kashe kuɗi ba. Malami ya rubuta kalmomin a gefen allo, a cakuɗe, kada a jera su yadda aka kasa su a sama. Kowane rukuni ya ciro takarda 3 daga tsohon littafin rubutu, a ninke kowace sau uku a yaga, ta ba da guda 8. An sami katuna 24: 22 a rubuta kalmomin, 2 a bar su babu komai, don rukunin ya ƙara abin da ya ga ya ɓace. Waɗannan biyun sukan faɗa wa malami abu mai yawa. Rukunin da ya rubuta "maƙoshi" da "dubura" har yanzu hanya yake tunani. Wanda ya rubuta "tirifsin", ko ya nemi kalmar abin da maiƙo ke komawa bayan laifes ya gama da shi, ya kama zaren tambayar. An bar waɗannan a waje ne don a ga wa zai ji rashinsu.

Dalilin amfani da katuna maimakon a zana kai tsaye shi ne kati yana matsawa. Ɗalibin da ya riga ya zana akwati da biro ba ya son gogewa, zai kare kuskurensa har ƙarshe. Kati kuwa ɗan yatsa ya isa ya tura shi. Sai an daidaita a kan wurin kowanne sannan a manna a bayan tsohuwar kalanda ko kwali, a ja layuka da fensir. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna CmapTools da aka yi don wannan aiki, amma a ajin da ba wuta takarda ba ta rage komai ba.

Tunda da Turanci za a rubuta jarrabawa, da shi ya kamata a rubuta katunan da abin da ke kan layi. Muhawarar da za a yi a kan teburi kuwa, a bar yara su yi ta da harshen da suke tunani da shi. A nan ake jin ainihin abin da suka fahimta.

Ajin da bai taɓa yin taswira ba yana bukatar minti 10 na gwaji da abin da ba bayoloji ba, don kada wahalar dabarar ta haɗu da wahalar darasin. Kalma biyar a allo sun isa: manomi, gero, damina, taki, rumbu. A ja layi ɗaya tare, a rubuta "yana shuka", a karanta da ƙarfi: manomi yana shuka gero. Daga nan su ƙarasa.

Abin da ke kan layi

Doka ɗaya ce ba a sassautawa: layin da ba rubutu a kansa ba a lissafa shi. Doka ta biyu ta darasin nan ce kaɗai, ita ce a taƙaita "yana zuwa" da "yana da alaƙa da". Ta farkon a yarda da ita sau uku kacal a duk taswirar, ta biyun a hana ta gaba ɗaya, domin komai na jiki yana da alaƙa da komai. Da zarar an toshe waɗannan ƙofofi biyu, dole ɗalibi ya nemo aikatau na gaske: yana samar da, yana ajiye, yana zuba wa, yana mayar da, yana tsayar da aikin, yana tsotse.

Yana da kyau kuma a raba layukan iri biyu. Layi mai kauri don hanyar da abincin kansa ke bi, layi mai ɗigo-ɗigo don ruwan da wata gaɓa ke aikowa. Wannan ɗan bambanci shi ke fitar da hanta da fankiriyas daga cikin jeri ya ajiye su a gefe, inda suke a zahiri. Dukansu biyu suna zubo ruwansu ne a farkon ƙaramin hanji, wani ɗan sashe mai tsawon kimanin santimita 25, abinci bai taɓa shiga cikinsu ba.

A bi sitaci a ga yadda reshe ɗaya ke ginuwa. Baki yana samun miyau, miyau yana ɗauke da amiles, amiles yana mayar da sitaci maltos. Jimla uku ke nan, kuma yawancin rukunai za su kawo su ba gardama. Daga nan ne ake rarrabe gwani. Katin "asid" yana can ƙarƙashin tumbi, a reshen furotin, inda aka rubuta cewa asid yana ba fefsin yanayin da yake aiki a ciki. Rukunin da ya fahimci darasin zai ja dogon layi daga asid ya ƙetaro zuwa amiles, ya rubuta "yana tsayar da aikin". Asid ɗin tumbi mai ƙarfi ne ƙwarai, amiles ɗin miyau kuwa ba ya jure shi. Layi ɗaya ya amsa tambayar da ta sa ɗalibi sosa ƙeya. Sannan layi na biyu ya taso daga fankiriyas ya dawo kan katin amiles ɗin nan dai, domin fankiriyas ma na samar da nasa, shi ne ke ci gaba da aikin a ƙaramin hanji, bayan ruwan fankiriyas mai bayikabonet ya kashe kaifin asid ɗin da ya biyo abinci. A bangon ƙaramin hanjin ne ake tsinka maltos ya zama gulukos, bilai su tsotse shi, ya shiga jini.

Irin waɗannan layuka masu ƙetarawa daga reshe zuwa reshe su ne abin da ake nema. Da gangan aka ba da katin amiles guda ɗaya tak, alhali wuri biyu yake aiki. Rukuni zai zo ya ce, "Malam, a ƙara mana kati, namu ɗaya ne." Amsar ita ce a'a, su nemi yadda kati ɗaya zai karɓi kibiya biyu.

Reshen maiƙo ya fi kowanne tara kuskure, kuma ya cancanci malami ya daɗe a kansa. Jimlar da za a fi gani ita ce "maɗaciya tana samar da ruwan ɗaci". Hanta ce ke samar da shi, maɗaciya ajiyewa take yi ta kuma tattara shi, ta matso shi idan abinci mai maiƙo ya iso. Duk yaron da ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga 'yar jakar nan mai ruwan kore manne a jikin hanta, ya ga yadda mai fiɗa ke lallaɓa ta da bakin wuƙa ya cire ta ɗungurungum, don in ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. Tuna masa da wannan ya fi zanen allo tasiri: jaka ce, a jikin hanta take. Sai dai a yi hattara da kai misalin rago nesa, domin tumbinsa ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyewa: "ruwan ɗaci yana narkar da maiƙo". Jimlar ta yi kama da daidai, shi ya sa malamin da ke sauri zai wuce ta. Ruwan ɗaci ba inzayim ba ne, ba ya tsinka maiƙo ya mayar da shi wani abu dabam. Yana farfasa manyan ɗigon mai ne su zama ƙanana birjik, kamar yadda sabulu ke yi wa man da ya kwanta a kwano, don laifes ya sami fili mai yawa da zai kama. Laifes ɗin, wanda fankiriyas ke aikowa, shi ke yin narkarwar. Taswira mai kyau za ta nuna kibiya biyu suna sauka a kan katin maiƙo, kowace da aikatau dabam: ɗaya "yana farfasa", ɗaya "yana narkar da". Rukunin da ya rubuta kalma ɗaya a duka biyun bai bambance su ba tukuna.

Malami mai zagayawa

Minti 35 na tsakiya na ɗalibai ne, kuma jarrabawar malami a nan ita ce ya iya riƙe bakinsa. Aikinsa ya zagaya, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ce a karanta masa. Sau da yawa karantawar kaɗai ta isa. Ɗaliba ta karanta, "Tumbi yana tsotse gulukos," ta yi shiru, ta dubi ƙawarta. Malam ya ce, "To, 'yan mata, in tumbi ne ke tsotsewa, katin bilai fa, me yake yi a ƙarƙashin ƙaramin hanji?" Ya wuce teburi na gaba ya bar su da ita.

Wannan kuskure na tumbi yana da tushe. A maganar yau da kullum komai "ciki" ne, yara kuma sun taso da tunanin cewa a tumbi ake gama komai. Alhali mafi yawan narkewa da kusan duk tsotsewar abinci a ƙaramin hanji suke faruwa, bututu mai tsawon kimanin mita 6 a jikin babban mutum. Ana gane rukunin da ke da wannan tunani tun daga nesa, ba sai an karanta rubutunsu ba: katin tumbi ya sha kibiyoyi ta ko'ina, na ƙaramin hanji yana zaune da guda biyu. A taswirar da ta daidaita, ƙaramin hanji ne ya fi kowane kati cunkoso.

Babban hanji ma yana da nasa. Littattafai sukan ce aikinsa tsotse ruwa, kuma haka ne, amma ɗalibai sukan fahimci cewa shi kaɗai ke yi. Tsakanin abin da mutum ya sha da ruwayen da jiki da kansa ke zubowa, kusan lita 9 ke bi ta hanji a yini, kuma abin da ke isa babban hanji bai wuce lita 1.5 zuwa 2 ba. Sauran duk ƙaramin hanji ya riga ya kwashe. Jimlar "babban hanji yana tsotse ragowar ruwa" ta fi wadda babu "ragowar" a cikinta, kuma kalma ɗayar nan ta cancanci maki.

Akwai layi guda da ba kasafai ake samunsa ba, wanda idan ya fito ya kamata a tsayar da aji a nuna wa kowa. Shi ne wanda ya taso daga jini ya koma hanta. Gulukos da amino asid da bilai suka tsotsa ba sa bazuwa cikin jiki kai tsaye, wata babbar jijiya ce ke kwasar su daga hanji ta kai su hanta tukuna, a can ake ajiye rarar gulukos. Ashe hanta sau biyu ta shigo labarin: ta aiko da ruwan ɗaci kafin narkewa, ta karɓi abin da aka tsotsa bayanta. Abinci bai ratsa ta ba, amma abin da aka tace daga abincin ya ratsa. Yawancin maiƙo kuwa wata hanyar yake bi, ta 'yan bututun da ke tsakiyar bilai, sai daga baya ya haɗu da jini.

Idan aji mai rauni ne ƙwarai, ba laifi a ba su ƙashin taswirar: malami ya manna katuna biyar ko shida a allo da layukansu, su ƙarasa sauran. Abin da bai kamata ba shi ne a zana cikakkiyar taswira a ce su kwafa. Wannan ya mayar da ita wani abin haddacewa, an koma gidan jiya.

Musaya da maki

Saura minti 25. Kowane rukuni ya miƙa taswirarsa ga na kusa da shi. Aikin masu dubawa ƙayyadadde ne: su sa alamar tambaya a kan layi biyu da ba su yarda da su ba, su kuma ƙara layi ɗaya da masu taswirar ba su gani ba. In aka ce kawai "ku duba aikin juna", abin da za a samu shi ne "ya yi kyau". Bayan minti 10 takarda ta koma hannun masu ita, su kare layinsu ko su gyara. Minti 15 na ƙarshe malami ya ɗauki jimloli uku ko huɗu da ya ga sun yawaita a zagayensa, ya rubuta su a allo ba tare da ya faɗi na wane rukuni ba ne, aji ya yanke musu hukunci.

Game da maki, Novak da Bob Gowin sun kawo wani ma'auni a littafinsu na 1984: maki 1 ga kowace jimla ingantacciya, 5 ga kowane mataki na tsari daga babban ra'ayi zuwa ƙanana, 10 ga kowane layi mai ƙetarawa da ke da ma'ana, 1 ga kowane misali. A gwada shi a kan rukuni biyu. Na farko ya kawo jimla 20 daidai, mataki 2, ba layin ƙetare ko ɗaya: 20 da 10, maki 30. Na biyu jimlolinsa 16 ne, mataki 3, layin ƙetare 2, misali 3 na shinkafa da wake da mai: 16 da 15 da 20 da 3, maki 54. Wanda ya fi yawan layuka shi ne a baya, kuma haka ya dace.

Amma lissafin mataki yana da wuya a darasi irin wannan, wanda tafiya ce daga wuri zuwa wuri, ba rabe-raben babba da ƙarami ba. Malamai biyu za su iya ƙirga matakan taswira ɗaya su sami adadi dabam. Ga mai takardu 15 a gabansa, ya fi sauƙi ya bar mataki, ya ba kowane layi sifili in kuskure ne ko ba rubutu, 1 in daidai ne amma sama-sama, 2 in ya faɗi ainihin aikin, sannan ya ware kyauta mai tsoka ga layukan ƙetare. Kuma makin nan bai kamata ya shiga sakamakon zango ba. Ranar da ɗalibai suka san zai shiga, za su daina jan layin da ba su da tabbas a kansa, alhali shi ne wanda malami ya fi bukatar gani.

Taswira tana da iyakarta. Ba ta koya wa ɗalibi zana hanyar abinci da sa wa sassanta suna, ba ta nuna masa inda fankiriyas yake kwance a bayan tumbi, ba ta kuma maye gurbin gwajin da ake ɗiga aidin a kan sitaci a ga ya koma shuɗi mai duhu. Waɗannan sai an yi su da hannu. Haka nan taswirar rukuni tana iya ɓoye ɗalibin da bai ce uffan ba.

Saboda wannan na ƙarshen ne ake ƙara mataki guda bayan mako ɗaya, kowa shi kaɗai, minti 15, ba kati ba littafi. A ba su tambayar da ta taɓa akwati ɗaya a taswirar: an yi wa wani mutum tiyata an cire masa maɗaciya, ya warke ya ci garau-garau, me zai faru da man da ke ciki? Wanda har yanzu yake ganin maɗaciya ce ke samar da ruwan ɗaci zai ce man ba zai narke ba sam. Wanda ya gyara layinsa zai ce hanta na nan tana aikinta, ruwan ɗaci zai ci gaba da gangarowa hanji kaɗan-kaɗan, abin da aka rasa shi ne wurin tara shi, don haka mutumin zai narkar da mai, sai dai abinci mai maiƙo da yawa a lokaci ɗaya yana iya dama masa ciki, musamman a farkon lokaci. Daga amsoshin nan 60 malami zai ware sunayen waɗanda za a sake zama da su a kan reshen maiƙo kafin a shiga babi na gaba.